Yadda Ake Cire Leda, Sawun Ƙafa da Waya Daga Hoto Ba Tare da Facin Ya Tona Kansa Ba

Duk mai gyaran hoto ya san wannan bayanin: "A cire min wannan ledar, da wayar nan da ta ratsa ta bayanmu." Cirewar ba ta ɗaukar minti biyu. Wahalar tana wajen abin da za ka zuba a gurbin. Idan bango ne mai fenti ko sararin sama, da wuya a gane. Amma ciyawa da yashi da tsakuwa ba su da tsari, kowane ɗan wuri da kamanninsa, shi ya sa da zarar tushen ciyawa ɗaya ya fito sau biyu ido ke cafke shi. Mu a shago tagwaye muke kiran wannan kuskuren. Yana da ɗan'uwa, wato dame: wurin da aka goge ya yi laushi kamar an shafa man shanu, alhali kewayensa garau yake. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabarar kauce wa waɗannan biyun ne.

Zan yi bayanin da wani hoton ango da amarya da na gyara, mai faɗin fiksel 6000 da tsawon 4000. An ɗauke shi da la'asar, rana tana bugowa daga hagu. A gabansu yashi ne cike da sawun mutane, a bayansu ciyawa da ledojin fiya wata guda uku, sai wayar janareta da ta taso daga ciyawar ta haye wata 'yar hanyar tsakuwa a dama.

Kayan aiki

Na farko shi ne asalin hoton daga katin kyamara. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, ƙwayar yashin ta narke, kuma faci ya fi fitowa a kansa. Ka roƙi mai hoton ya turo maka shi a matsayin fayil, ko ya kawo katin.

Na biyu manhaja. Ni Photoshop nake amfani da shi, kuma sunayen da zan ambata nasa ne: `Clone Stamp Tool`, `Healing Brush Tool`, `Spot Healing Brush Tool` da `Content-Aware Fill`. In ba ka da shi, GIMP kyauta ne kuma yana da `Clone` da `Heal`. Photopea kuma a burauza yake buɗewa, tsarinsa kusan irin na Photoshop ne.

Na uku linzamin kwamfuta na hannu, ko allon zane mai alƙalami in da hali. Da allon shafawa na laftof ma ana yi, amma hannu zai gaji kafin ka gama, kuma gajiya ce ke sa mutum ya daina sauya wurin ɗiba.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe game da bambancin kayan. `Clone Stamp` kwafa yake yi kai tsaye: abin da ka ɗiba shi zai ajiye, da launinsa da haskensa. `Healing Brush` yana ɗaukar zanen wurin ɗiba, sannan ya daidaita haske da launi da na kewayen inda ka shafa. Na farkon ya fi dacewa da tsakuwa da ciyawa mai kauri, na biyun da yashi mai laushi.

Mataki na 1: Shirya shimfiɗar aiki

Kada ka taɓa asalin hoton. Danna `Ctrl+Shift+N` ka buɗe sabon `Layer`, wato shimfiɗa ta daban wadda babu komai a kanta, a kanta za ka yi duk facin. Ka ɗauki `Clone Stamp` da maɓallin `S`, a layin sama ka mai da `Sample` zuwa `Current & Below`. In ka bar shi a `Current Layer` za ka yi ta shafawa ba abin da zai fito, domin daga shimfiɗar da ba komai yake ɗiba. A GIMP abin da za ka yi wa alama shi ne `Sample merged`.

Ni shimfiɗa uku nake buɗewa, ta ciyawa, ta yashi, ta tsakuwa. In ɗaya ta lalace sai in goge ta ita kaɗai.

Mataki na 2: Karanta ƙasar kafin ka shafa komai

Wannan matakin masu koyo ke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Ka kalli hoton gaba ɗayansa ka amsa wa kanka tambaya uku.

Daga ina haske yake zuwa? A hotonmu daga hagu ne, don haka kowace tsakuwa inuwarta tana dama. Ledar ma tana da inuwa, wayar ma haka, kuma dole su tafi tare da su. Na sha ganin hoton da aka cire kwalba aka bar inuwarta kwance a yashi.

Ina ne ƙasar ta fito garau, ina ta fara dishi-dishi? Ƙwayar da ke kusa da kyamara manya ce, ta nesa ƙanana, kuma inda aka saita kyamara ne kaɗai yake fes. Wannan ya ba mu dokar da ta fi kowace muhimmanci: ka ɗiba daga hagu ko dama na wurin da kake rufewa, a layi ɗaya da shi. In ka ɗebo daga ƙasan hoton ka kai sama, za ka dasa manyan tsakuwa a tsakiyar ƙanana, ko ciyawa mai kaifi a inda komai ya dushe.

Waɗanne abubuwa ne masu shaida? Ina nufin duk abin da ido zai iya tunawa: farin dutse guda a cikin jajaye, busasshen ganye, karan da ya lanƙwashe, ɗan sarari da ciyawa ba ta rufe ba. Ciyawa zalla ko ka kwafe ta sau uku ba lalle a lura ba, amma ganye mai shaida sau biyu kawai ya isa. Ka san inda suke don ka guje su.

Mataki na 3: Saita buroshi

`Opacity` da `Flow` ka bar su a 100. Masu koyo suna rage su zuwa 40 ko 50 da tunanin facin zai fi sajewa, sai ciyawa biyu su hau kan juna, kowace ta dusashe 'yar'uwarta. Daga nan dame yake fitowa. Haka ma buroshi mai laushin baki sosai, gefensa yana haɗa zane biyu. A yashi nakan sa `Hardness` wajen 50, a ciyawa 60 zuwa 70, a tsakuwa 80 zuwa 90. Girman buroshi ana sauya shi da `[` da `]`, kuma ya kamata ka riƙa sauyawa kana tafiya, domin da'irori masu girma ɗaya a jere su ma shaida ne.

Sai maganar `Aligned`, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. In ka cire masa alama, duk lokacin da ka ɗaga hannu ka sake dannawa, ɗiban yana komawa wurin farko. Danna goma, kwafi goma na abu ɗaya. In kuma yana da alama, wurin ɗiban yana bin hannunka da tazara ɗaya. Wannan ya fi, amma yana da nasa tarkon. Ka ce ka ɗiba daga tazarar fiksel 80 a hagu, kana shafawa zuwa dama kana ɗaga hannu. Da ka wuce fiksel 80, ka fara ɗiba daga facin da ka riga ka yi, sai abu ɗaya ya riƙa dawowa kowane fiksel 80 kamar matakalar tsani. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka bar alamar, amma bayan kowane shafi biyu ko uku ka riƙe `Alt` ka danna sabon wuri. A GIMP `Ctrl` ake riƙewa.

Mataki na 4: Leda da tarkace a ciyawa

Ka zuƙo hoton zuwa girmansa na gaskiya da `Ctrl+1`. Ledar da ta fi girma a hotonmu ta kai fiksel 220 a faɗi, da inuwarta kusan 260. Abin da hannu zai so yi shi ne ɗaukar buroshi mai 300 ya rufe ta da danna ɗaya. Kada ka yi, domin ka kwafo yanki guda cur da duk shaidunsa.

Na sa buroshi a 70, na ci ledar daga gefe zuwa ciki. Gefen hagu na rufe shi da ciyawar da na ɗebo daga hagu can nesa, tazarar fiksel 400 zuwa 600. Gefen dama na ɗebo daga dama. Tsakiya kuma daga wuri na uku, ta ɗaya ɓangaren amarya, amma a layi ɗaya. Nisan yana da amfani: tagwayen da ke maƙwabtaka nan take ake ganinsu, waɗanda mutum ya shiga tsakaninsu kuwa da wuya ido ya haɗa su. Ka riƙa jan buroshin ta inda ganyen ciyawar ya nufa, yawanci daga ƙasa zuwa sama, gajere-gajere.

In ciyawar da ka ɗebo daga nesa ta fi ta wurin duhu ko haske, kada ka watsar da ita. Ka ajiye ta, sannan ka bi bakin facin da `Healing Brush` ƙarami ya saje launin, bayan shi ma ka saita `Sample` ɗinsa kamar na `Clone Stamp`.

Ƙananan abubuwa kamar murfin kwalba da guntun sigari `Spot Healing Brush` ya ishe su, danna ɗaya da buroshin da ya ɗan fi su girma, bayan ka yi wa `Sample All Layers` alama.

Ga wanda ke sauri, akwai `Edit > Content-Aware Fill`. Ka zagaye ledar da inuwarta da `Lasso`, ka bar 'yar rata, ka buɗe shi. Koren launin da zai rufe hoton shi ne inda manhajar za ta ɗiba. Ka goge koren daga kan mutane, daga yashi da tsakuwa, da kuma daga ciyawar da ta fi kusa ko nesa, ka bar ɗamara ɗaya a layin ledar. `Output To` ka sa `New Layer`. Sakamakon ka ɗauke shi a matsayin shafin farko kawai. Shi ma yana haifar da tagwaye, musamman in wurin ɗiban ya yi kaɗan, don haka sai ka bi shi da hannu.

Mataki na 5: Waya

Waya siririya ce, amma ta fi leda wuyar ɓoyewa, saboda ido yana bin layi. Ko ka cire ta, in ka bar dogon zare mai laushi a inda take, kowa zai ga hanyarta.

Wayarmu kaurinta fiksel 12 ne a kusa, ta sirance zuwa 5 a nesa. Na ɗauki `Spot Healing Brush` mai girman 20, na danna a kan wayar, na riƙe `Shift` na sake dannawa a gaba kaɗan, sai ya ja miƙaƙƙen layi tsakanin biyun. Kada ka ja ta daga farko zuwa ƙarshe a tashi ɗaya. Gaɓa-gaɓa za ka yi, kowace kamar fiksel 100 zuwa 150, kana rage buroshi yayin da wayar ke sirancewa. Inuwarta ma haka, a zagaye na biyu.

Yanzu sai karya layin. Ka koma `Clone Stamp` da buroshi 30 zuwa 40, ka ɗebo ganyen ciyawa ka dasa su a gicciye kan hanyar da wayar ta bi, nan ɗaya, can biyu, ba a tazara ɗaya ba. Wani daga hagu, wani daga dama. A zahiri ciyawa tana tsallake kowane layi, to haka kake son ta yi a nan.

Inda wayar ta shige bayan lafayar amarya, ko ta haye bakin siminti, kayan `Healing` ba su da amfani. Suna jawo launin tufafin su watsa shi cikin ciyawa, sai ka ga wani hazo ja ko fari. A irin wurin ka fara zagaye ɓangaren ciyawar da `Lasso` ko `Pen Tool` daidai bakin tufafin, yadda buroshi ba zai tsallaka ba, ka yanke wayar da `Clone Stamp` na tsawon fiksel 30 ko 40 daga bakin, sannan ka ci gaba da sauran.

Mataki na 6: Tsakuwa

A tsakuwa dutse-dutse ake aiki. Ka ɗebo dutse cikakke da inuwarsa, ka ajiye shi yadda bakin buroshin zai faɗa a duhun da ke tsakanin duwatsu. Rabin dutse manne da rabin wani shi ne alamar facin tsakuwa. Duwatsun hanyarmu kimanin fiksel 35 ne, na yi aiki da buroshi 45 zuwa 60.

Hanyar ƙunci ce, tsakuwa mai tsabta ba ta da yawa, dole na maimaita wasu. A nan `Window > Clone Source` yake ceto. Yana riƙe wuraren ɗiba har biyar, kuma yana bari ka juya abin da ka ɗebo ko ka sauya girmansa. Na karkata shi digiri 8 zuwa 12, na sa `W` da `H`, wato faɗi da tsawo, a 93 cikin ɗari wani lokaci, wani lokaci 106. Dutsen da aka ɗan karkata aka ɗan rage ya daina kama da asalinsa.

Akwai kuma maɓallin juya shi hagu zuwa dama a wurin, kuma yana da jan hankali. Ka yi hattara. A hotonmu rana daga gefe take, in na juya, inuwar duwatsun za ta koma hagu alhali ta sauran tana dama. Mai kallo ba zai iya cewa ga matsalar ba, amma zai ji wurin bai zauna ba. Juyawar tana aiki ne a hoton da aka ɗauka a inuwa, ko ranar da hadari ko hazon hunturu ya rufe rana.

Mataki na 7: Sawun ƙafa a yashi

Sawu rami ne, gefe ɗaya duhu, ɗayan haske, da ɗan tudu a kewaye. Masu koyo suna goge duhun su bar hasken, sai ya zama wani farin baka a yashi. Ka rufe shi duka har tudun.

A nan `Healing Brush` ne gwani, tun da hasken yashi yana sauyawa a hankali kuma shi yana bin wannan sauyin. Sawu ɗaya, wurin ɗiba ɗaya. Sawu na gaba, sabon wuri. In iska ta yi wa yashin layuka, ka kunna `Show Overlay` a `Clone Source` don ka ga abin da za ka ajiye kafin ka danna, ka haɗa layi da layi. Layin da ya katse ya fi sawun kansa muni.

Ra'ayina shi ne kada a cire duka. Sawu goma sha huɗu na ƙirga a gaban ango da amarya, na cire tara da suka fi zurfi da waɗanda suka nufo kyamara, na bar na kusa da ƙafafunsu. Mutum biyu tsaye a yashin da ba a taɓa takawa ba kamar an liƙa su ne. Inuwar da ke ƙarƙashin takalmi kuwa ko kusa da ita kada ka je.

Wani lokaci yashin duk an tattake shi, babu inda za ka ɗiba. Hanya biyu gare ka. Ka duba sauran hotunan da aka ɗauka a wurin cikin haske ɗaya, ka buɗe wanda yake da yashi mai kyau, ka riƙe `Alt` ka danna a cikinsa, ka dawo naka ka shafa; `Clone Stamp` yana ɗiba daga wani fayil ɗin da ke buɗe. In babu, ka haƙura da cirewa ka rage musu ƙarfi. Buɗe sabuwar shimfiɗa, ka sa ta a `Soft Light`, ka shafa fari a gefen duhu da baƙi a gefen haske, da buroshi mai laushi da `Flow` wajen 3 zuwa 5. Sawun zai yi sama-sama, ƙwayar yashin kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Shi ya sa yanzu in ni ne da kyamara, kafin mu tashi nakan ɗauki ƙasar wurin ita kaɗai sau biyu ko uku.

Mataki na 8: Farautar tagwaye

A zuƙe ba a ganin tagwaye, sai an ja baya. Danna `Ctrl+0` hoton ya cika allo, ka ɗan runtse ido. Sannan ka juya hoton gaba ɗaya da `Image > Image Rotation > Flip Canvas Horizontal`. Idonka ya saba da shi, juyawar tana mai da shi baƙo, sai abin da ka daina gani ya fito. Kada ka manta ka mayar da shi daidai.

Bayan haka ka ɗora shimfiɗar `Curves` a saman komai, ka tsananta duhu da haske fiye da kima. Duk facin da haskensa ya bambanta da na kewaye zai bayyana kamar tabo. Ka tabbata `Sample` yana kan `Current & Below` kuma shimfiɗar faci ce ka zaɓa, domin in yana kan `All Layers` wannan tsanantawar za ta shiga cikin facin, ka goge `Curves` ta bar maka baƙaƙen tabo.

In ka kama tagwaye, ba sai ka rushe facin ba. Ka nemo shaidar da ta tona su ka kashe ta a kwafin, da ƙaramin buroshi daga wani wuri. A hotonmu wani busasshen ganye mai lanƙwasa na samu sau uku a ciyawa. Danna huɗu suka gyara shi.

In kuma dame ka samu, ka sake rufe wurin da `Clone Stamp` mai taurin baki daga ƙasa mai kaifi. Laushin da bai yi yawa ba ana iya farfaɗo da shi da `Filter > Noise > Add Noise` a kan shimfiɗar facin, 1 zuwa 2 cikin ɗari, da alamar `Monochromatic`. Wannan yana taimakon yashi, amma ba ya dawo da ganyen ciyawa.

Gwajin ƙarshe, ka tura hoton zuwa wayarka ka kalle shi ƙarami, tun da haka yawancin mutane za su gan shi. Ka ajiye kwafi ɗaya na `PSD` da shimfiɗunsa, ɗaya na `JPEG` don mai hoto.

In wayar hannu kaɗai gare ka

`Healing` na Snapseed, manhajar gyaran hoto a wayar hannu, shi yake zaɓar wurin ɗiba da kansa, kuma daga kusa yake ɗiba, don haka tagwaye suna saurin fitowa. Ka zuƙo sosai, ka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan maimakon ja, in sakamakon bai yi ba ka koma baya ka taɓa ta wani gefen. Ya wadatar ga murfin kwalba da ƙaramar leda. Doguwar waya a kan tsakuwa kuwa gara ka jira kwamfuta, ko ka yanke gefen hoton in wayar a baki take.

Duk wannan na hoton biki ne da talla da na ajiye tarihi na gida. Hoton labarai ko wanda za a kafa hujja da shi ba a cire masa komai, ko da ledar fiya wata ce.